Ayar da Ba Ta Cikin Hadda

Kun sha wucewa ta gindin tagar ajin nan. Kun ji ana rera "fi'ili, fa'ili, maf'uli" kamar waƙa, kuka ce ma sha Allahu, kuka yi gaba. Ko ɗayanku bai leƙa ba.

Yayata na cikin masu rerawar. Tun rasuwar mijinta take koyar da ajin mata a makarantar Islamiyyar, da shi take riƙe 'ya'yanta. Bana hukuma ta ce duk malamin da bai ci jarrabawar nahawu ba, ya ajiye alli.

Shugaban makarantar, wanda muke kira Malam Sannu-Sannu, shi ke shirya malaman. Dabararsa ɗaya ce: ya zaɓi ayoyin da aka saba tambaya, ya ba su i'irabinsu, wato matsayin kowace kalma a jimla, su haddace.

Na same shi a ofis yana gyara carbinsa.

"Malam, haddar nan ba za ta fisshe su ba. A koya musu su gane mai aiki da alamarsa."

Ya yi dariya. "Kai ɗan jami'a, tun kana tsumman goyo nake fitar da malamai. Je ka sha ruwa."

A gida na ɗauko alli in koya mata, Yaya ta ture hannuna. "Auta, kar ka birkita min kai. Abin da Malam ya ba mu ya isa."

Ranar jarrabawa ina tsaye a baranda, ƙofa a buɗe. Mai jarrabawar baƙo ne, mai tabarau. Ya buɗe mus'hafi inda hannunsa ya faɗa, ya nuna wata gajeriyar aya.

"Malama, bismillah."

Ta karanta da kyau, har ya gyaɗa kai. Sai ta rera: kalmar farko fi'ili, ta biyu fa'ili, ta uku maf'uli, wato aiki, mai aiki, da wanda aka yi wa aiki. A ayar kuwa wanda aka yi wa aikin ne ya rigayi mai aikin.

"Mece ce alamar fa'ili?"

"Rufu'a," ta amsa da sauri.

"Ta maf'uli fa?"

"Fataha."

"Madalla. To duba ƙarshen kalmomin, nuna min mai rufu'ar."

Yatsanta ya yi ta yawo a kan layin. Ta san amsar da baki, amma ba wanda ya taɓa cewa ta neme ta a shafi. Ta waiwayi Malam Sannu-Sannu, shi kuwa fanka yake kallo.

"Malama, a fassararki wanda aka yi wa aiki ya koma mai aikin," in ji baƙon a hankali. "Haka za ki faɗa wa mata?"

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa makullin ajinta ta fito, ta wuce ni ba ta dube ni ba.

Washegari na bi ta gindin tagar. Sabbin ɗalibai, waƙar dai ita ce.

'Yarka ko ƙanwarka na cikinsu. Yau ka buɗe mata ayar da ba ta haddace ba, ka ce ta nuna maka fa'ili. In yatsanta ya yi yawo, tashi ka je ofishin nan, kuma kada ka yarda a ce ka je ka sha ruwa.