Littafin Maganin Baba

Ƙarfe takwas aka ce, amma tun bakwai da rabi Hulda take tsaye a ƙofar kemis ɗin Madam Clara da ke kusa da kasuwar Kafanchan. Ma'aikaciyar da za ta tsaya a kantar sayar da magani ake nema. Bara Hulda ta gama sakandare, ba ta taɓa yin aiki ko'ina ba, kuma ta ji cewa ma'aikatan Madam suna samun magani da rangwame. Shekara biyu ke nan babanta, Ezekiyel, yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma maganin hawan jininsa ba ya jira.

Sai goma Madam ta iso. Hulda ta matsa, ta rusuna, ta karɓi jakarta.

"Ina kika taɓa aiki?" in ji Madam, tana juya takardar neman aikin.

"Ban taɓa ba, Ma."

"To me zan duba? Fuskarki?"

Nicholas, tsohon ma'aikacin kanta, ya yi dariya ta hanci. Hulda ta buɗe jakarta. Tsohuwar malamarsu ta gaya mata cewa wanda bai da tarihin aiki, sai ya kawo misali daga rayuwarsa, abin da za a gani da ido. Don haka ta ciro littafin rubutu mai bango shuɗi, ta miƙa da hannu biyu.

Kowane shafi ta ja masa layi da rula: rana, lokaci, sunan ƙwaya, awon jini. Bakwai na safe, bakwai na yamma. Har ranakun jarrabawar Wayek babu gurbin da ya tashi fanko.

"Wa ya koya miki awon jini?"

"Wata nas na roƙa ta nuna mini, Ma. Na yi ta gwadawa a hannuna har na iya."

Madam ta turo mata takardar likita, rubutun kamar tafiyar kaza. Hulda ta karanta layi biyu, ta tsaya a na uku.

"Wannan ban san shi ba, Ma. Ba zan yi cinta ba, magani ne. Amma in an nuna mini sau ɗaya, zan riƙe."

Madam ta gyara tabarau. "Nicholas, zo ka gani. Shekara shida kana nan, ranar ƙarewar magani ma sai na bi bayanka. Dubi aikin yarinya."

"Ai sai ki ba ta kemis ɗin gaba ɗaya," ya ce.

Hulda ta ji daɗi. Har ta hango kanta cikin farar riga a bayan kanta.

"Yanzu da kike nan, wa ke wurin Baba?" in ji Madam.

"Anti Tamar, maƙwabciyarmu. Ta ce za ta riƙa duba shi."

"Har yaushe? Ita ba ta da gonar citta? Mamanki fa?"

"Ta koma ga Ubangiji, Ma."

"Muna rufewa tara. Bakwai na yamma wa zai ba shi ƙwaya? Ran da ya faɗi a banɗaki ina da mutum goma a layi, wa za ki zaɓa?"

Gaskiya ba za ta taimaki Hulda ba, ƙarya kuwa littafin da ke kan tebur zai ƙaryata ta.

"Kin gani?" Madam ta ce, muryarta a sanyaye. "Ke mai amana ce, na yarda. Amma amanarki tana da mai ita. Ni ba na ɗaukar wadda aka riga aka ɗauka." Ta ɗan yi murmushi. "Ran da Allah ya hutar da shi, ki dawo. Ba zan manta da ke ba."

Hulda ta tuna malamarsu ta ce komai aka gaya miki, ki yi godiya, don ba a san gobe ba.

"Na gode, Ma," in ji Hulda.

Ta miƙa hannu ga littafin, Madam ta ɗora tafinta a kai.

"Bar shi tukuna. Tsarin ya yi mini, zan sa a buga wa kwastomomi masu hawan jini. Ki zo ran Juma'a ki karɓa. Ko akwai damuwa?"

"Babu, Ma."

A ƙasa ta koma gida. Anti Tamar tana bakin ƙofa, fartanya a kafaɗa, ta ce rana ta yi mata, ta wuce ba tare da ta tambayi komai ba. Baba ne ya yi ta bin ta da ido har yamma, kafin ya iya haɗa kalma da karkataccen bakinsa.

"Sun... ɗauka?"

"Sun yaba sosai, Baba."

Bakwai ta buga. Ta ɗago kansa, ta ba shi ƙwaya da ruwa, ta ɗaura masa abin awo a hannu. Ta laluba jaka don ta rubuta, babu littafi. Kwafin sakamakon jarrabawarta kawai ta samu. Ta juya bayan takardar, ta ɗauko rula, ta fara jan layi.