Takardar Ja da Fari

Shekara goma sha tara ke nan ina amsa wayar masu ƙorafi a wani kamfanin ganyen shayi a garin Fujieda na ƙasar Japan, kuma na daɗe da gane cewa mai ihu ba abin tsoro ba ne. Ka bar shi ya zazzage, ka ba shi haƙuri, ka faɗa masa abin da za a yi da ranar da za a yi, shi ke nan. Wanda nake tsoro shi ne mai magana a hankali.

Haka wani dattijo, Aoshima-san, ya yi magana da ya kira ranar tara ga Disamba.

"Da wa nake magana?"

"Kuramoto ce, daga teburin masu saye."

"Kuramoto-san, matata Tokiko ta cika kwana arba'in da tara da rasuwa ranar Lahadi. Na sa ku aika shayi gida saba'in da biyu, ga waɗanda suka zo mana ta'aziyya. Kin san takardar da kuka naɗe kwalayen da ita?"

Bai jira amsata ba.

"Ja da fari," ya ce. "Da ɗaurin zarge."

A ƙasarmu ko yaron firamare ya san wannan. Kyautar makoki takardarta zanen zare baƙi da fari ne, da ƙullin da ba ya kwancewa, wato kada a maimaita. Ja da fari mai zarge kuwa na murna ne, ana kwancewa a sake ɗaurawa, wato a yi ta maimaitawa. Gida saba'in da biyu sun buɗe ƙofa sun karɓi saƙon da ke cewa wannan dattijo yana murna da mutuwar matarsa, kuma yana fatan a ƙara. Ga sunansa ɓaro-ɓaro a ƙasa.

Na miƙe tsaye da wayar a kunne, na sunkuya, ko da yake ba ya ganina. Na ce masa wannan kuskurenmu ne, ba ni da bakin kare shi. Na ce zan binciko yadda aka yi, in zo gidansa jibi da ƙarfe biyu da bayani a rubuce.

"Yayar matata ta daina ɗaukar wayata," ya ce. "Ki zo da dalili. Kada ki zo mini da zaƙin baki." Ya ajiye.

Binciken bai ɗauke ni awa guda ba. Takardar oda daidai take, an rubuta makoki. A ɗakin naɗi aka yi ɓarnar, kuma hatimin da ke kan takardar aikin na Hatsue ne.

Kash! Hatsue. Shekara talatin da ɗaya tana naɗe kwali a teburin nan, hannunta ya fi inji tsafta. Ita ta koya mini aiki lokacin da na zo, tare muke cin abincin rana, kullum sai ta tsame mini soyayyen ƙwai daga kwanonta, ta kira ni da sunana na yanka tana cewa, "Shizue-chan, ci, wannan wuyan naki kamar na zalɓe." Ta haura sittin, yanzu kwantiragin shekara-shekara take yi, ga miji a kwance da shanyewar ɓarin jiki.

Amma akwai sauran magana. Disamba lokacin kyautar ƙarshen shekara ne, kwali dubu-dubu, duk ja da fari. Doka ce a kamfaninmu duk odar makoki sai mutum na biyu ya duba ya buga hatimi kafin ta fita. Gurbin hatimi na biyu a takardar nan wayam yake. Tun farkon wata shugaban sashenmu, Unno, wanda muke kira Kacho, ya ce a dakatar da dubawa ta biyu sai an fita daga cunkoso. Da baki ya faɗa a taron safe, bai rubuta ba. Irinsu ba sa rubutawa.

Na zauna na tsara wasiƙar yadda aka saba: ban haƙuri, abin da ya faru, dalili, abin da za mu yi, sai yadda za mu hana sake faruwa. A wajen dalili na rubuta cewa an yi kuskure wajen naɗi, kuma kamfani ne ya janye dubawa ta biyu saboda yawan aiki, shi ya sa kuskuren ya fita. A wajen mataki na rubuta cewa idan ya amince, za mu aika wa kowane gida cikin saba'in da biyun wasiƙa da sunan kamfani, mu ce laifinmu ne, mai makoki ba shi da hannu, tare da sabon kwali mai naɗin da ya dace, cikin kwana uku, ba tare da ya biya komai ba.

Wasiƙa ba ta fita sai da hatimin Kacho. Ya karanta, ya cire tabarau, ya yi wannan murmushin nasa da na tsana.

"Kuramoto-san, wasiƙa kika rubuta ko takardar kai ƙara?"

"Gaskiyar abin da ya faru ce, Kacho."

"Ki rubuta cewa muna ba da haƙuri bisa ɓacin ran da ya ji. Mu mayar masa da kuɗinsa. Gida saba'in da biyu kuma? So kike duk Fujieda ta san mun yi wannan?"

"Ai ta riga ta sani. Abin da ba ta sani ba shi ne ba shi ya yi ba. Ɓacin ran da ya ji? Haba, Kacho! Wato shi ne ma ya ji, mu ba mu yi komai ba? In na kai masa wannan, da tsintsiya zai koro ni, kuma ya yi daidai."

Mun fi rabin awa muna ja. Ni dai bakina ba ya mutuwa, kowa ya sani. Can ya ɗauki jan biro ya ce to, ya yarda da wasiƙu saba'in da biyu, ya yarda a ce laifinmu ne ƙarara. Sai ya ja layi a kan maganar dubawa ta biyu. A gefe ya rubuta: kuskuren ma'aikaciyar naɗi ne, kuma an cire ta daga wannan aiki.

"In an ce an amsa laifi, sai an nuna inda laifin yake," ya ce. "Ki zaɓa. Ko wannan, ko waccan mai kuɗi kawai. Hatimina ba zai hau kan taki ba."

Na koma tebur na zauna na tasa takardar a gaba. In na ƙi, dattijon nan zai zauna da sunan wanda ya yi murnar mutuwar matarsa, a garin da kowa ya san kowa. In na yarda, Hatsue ta tashi daga teburinta, kuma duk wanda aka cire a rubuce ba a sabunta masa kwantiragi. Na yi tunanin hawa sama wurin mai kamfani. Surukin Kacho ne. Na ji haushin kaina, don tun kafin in gama tunanin na riga na san abin da zan yi.

Na sauka ɗakin naɗi. Hatsue ta riga ta ji. Tana tsaye ta naɗe hannu a cikin rigar aikinta, fuskarta ta yi fari.

"Ni na yi, Shizue-chan. Hannuna ya saba da ja da fari tun safe, ban ko kalli takardar ba."

"Da an duba na biyu, da bai fita ba."

"Da na duba na farko fa?" Ta karɓi daftarin daga hannuna, ta nisanta shi da idonta, ta karanta har jan rubutun. Ta daɗe. "Wasiƙun nan za su isa wurin yayar matarsa?"

"Za su isa."

"To ki buga. Me kike jira, sai na roƙe ki?" Ta miƙo mini. "Abu ɗaya: ki ce wa Kacho ni zan naɗe sababbin. Ke ki zama mai dubawa ta biyu."

Na buga wasiƙar da hannuna. Kacho ya danna hatiminsa, ya yi kyau, bai ko karkace ba.

Ranar da na yi alƙawarin zuwa na sa baƙaƙen kaya, na ɗauki kwalin alewar wake mai naɗi fari sol. Kacho ya ce yana da taro, mataimakinsa ya rako ni. Gidan Aoshima-san ƙarami ne, ana jin ƙamshin turare tun daga ƙofa. Tsohon malamin makaranta ne, siriri, rigarsa ta yi masa yawa. Ya nuna mana matasan zama, muka ƙi hawa don mu ne masu laifi, muka durƙusa a gefensu. Na sa goshina a tabarma na ba shi haƙuri, sannan na miƙa wasiƙar da hannu biyu.

Ya karanta sau biyu, yana bin layi da yatsa kamar mai duba jarrabawa. Hoton matar yana bayansa, tana dariya, da hular rana a kanta.

"Kowane gida?"

"Kowane gida, idan ka ba mu izini. Ga samfurin abin da za mu rubuta musu. Ranar Litinin za su isa."

Ya karanta wannan ma. Ya gyara mini kalma ɗaya. Ya ce ta yayar matarsa kada a sa a gidan waya, in kai da kaina. Na ce zan kai gobe da safe.

"Wannan da aka cire," ya ce, "yarinya ce sabuwa?"

Mataimakin Kacho ya yi gyaran murya a bayana.

"A'a," na ce. "Ta daɗe."

Ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba. Na jira ya tambaya ko babu mai dubawa. Da ya tambaya, ban san me zan ce ba, har yau ban sani ba. Ya ninke wasiƙar ya ajiye a gaban hoton, ya ba ni izini in kunna wa matarsa turare, sannan ya karɓi alewar.

Ranar Asabar ni da Hatsue muka yi kwali saba'in da ɗaya, don na riga na kai ɗaya. Tana naɗewa tana turo mini, ina dubawa ina buga hatimi. Babu kusurwa ɗaya da ta karkace. Da muka gama ta goge teburin, ta ɗauki almakashinta da ta saya da kuɗinta tun zuwanta, ta sa a jaka. An mayar da ita ɗakin ajiyar kaya tana haɗa kwalaye a cikin sanyi. Ba ta jira Maris da kwantiraginta zai ƙare ba, ranar ƙarshe ta shekara ta ajiye aiki. A taron safe na farkon Janairu Kacho ya sanar cewa an dawo da dubawa ta biyu, aka yi masa tafi.

A tsakiyar watan wani kati ya zo da sunana, da rubutun alkalami mai kyau. Aoshima-san ne. Ya ce yayar matarsa ta zo ta kunna turare, sun ci abinci tare. Ya ce ya koyar shekara talatin da takwas, ya san yadda mai ɓoye laifi yake rubutu, kuma a wasiƙata bai ga an ɓoye komai ba. Ya gode mini da na faɗa masa gaskiya duka.

Kacho ya sa aka manna katin a allon sanarwa, a matsayin misalin yadda ake amsa ƙorafi. Yana nan har yanzu, daidai ƙofar ɗakin cin abinci. Ni dai a teburina nake cin nawa.