Jadawali Biyu a Aljihun Tebur

Fom ɗin neman hutu na asibitinmu bai san da zancen wata ba. Layi biyu ne kawai: ranar tafiya, ranar dawowa. Ni kuwa kwana biyu suka rage mini a shekarar, kuma alƙawari na ɗauka wa 'yata Sumayya, da ke hannun Inna a Gusau, cewa bana ni zan riƙe hannunta zuwa idi.

Bara a wani asibiti nake. Na ci burin azumi talatin za a yi, sai ga wata ya tsaya ran ashirin da tara. A ɗakin allura na yi Sallata. Yarinyar nan sati biyu ba ta karɓi wayata ba.

Bana Alhamis ce ashirin da tara. In an ga wata, Sallah Juma'a. In ba a gani ba, Asabar. Mu ma'aikatan jinya kuwa hutun gwamnati a rediyo kawai muke jin sa. Na rubuta Alhamis da Juma'a, ga aiki na jirana Asabar ƙarfe biyu na rana. In azumi ya cika talatin, da asuba zan baro Gusau ana shirin idi. Tsoro ya hana ni sakat.

Ran Laraba na yi ta maza na shiga ofishin Madam Stella, shugabarmu, wadda ko gaisuwa a tsaye take amsawa. Na fara dogon bayani kan yadda ake duban wata.

"Ummulkhairi, abeg," ta katse ni da Hausarta ta 'yan kudu. "Shekara ashirin da biyu ina Suleja. Ni za ki koya wa wata?"

Ta ja aljihun tebur ta fito da jadawali biyu, duka da fensir. A saman ɗaya an rubuta "An gani", ɗayan "Ba a gani ba". A na biyun, sunan Adaobi, abokiyar aikina, ne a gurbina na Asabar da Lahadi.

"Ta yarda tun makon jiya. Ke za ki tsaya mata ran Kirsimeti da washegari. Namu dai ba ya gudu. Babbar Sallah kuma kar ki zo mini da wannan fuska, kwana goma kuke samu bayan an ga wata."

Wallahi daɗi da kunya suka rufe ni. Duk sahur ɗin da na kasa ci, ashe a banza.

Ba a ga watan ba. Ran Asabar muna hanyar idi Sumayya ta damƙe yatsana tana tambaya ko yau zan koma.

"Sai gobe," na ce.

Duk da haka ba ta saki ba har muka dawo gida.