Buhu Goma Sha Nawa?

Hajiya Raƙiya, mai shagon dusa a kasuwar Tahoua, ta saurari saƙon muryar sau huɗu. Souleyman ne, makiyayi daga wani ƙauye bayan Takanamat, wanda ya yi shekara tara yana sayen dusa wurinta.

"Hajiya, ina kwana. Shanu sun galabaita, ruwa ya ƙi sauka. Ki ba Muktari dusar alkama buhu goma sha..."

Nan muryar ta yanke. Ta kira shi har ta gaji, wayar a kashe.

Muktari, direban da ke bin hanyar sau ɗaya a mako, ya leƙo. "Hajiya, mota ta cika. Nawa za a ɗora?"

"Ban sani ba. Daga sha ɗaya har sha tara, kowanne yana iya zama."

"To ki bari sai mako na gaba."

"Saniyar da ta kwanta ba ta jiran mako."

Buhu ashirin da biyu kaɗai suka rage mata, ga masu nema tun safe. Ta yagi takarda ta rubuta:

"Malam Souleyman, bayan gaisuwa. Saƙonka ya iso, amma ya yanke daidai kan adadi, goma sha kawai na ji. Na kira ban same ka ba. Ga sha ɗaya nan, don na tabbata ba ka nemi ƙasa da haka ba. Na ware takwas da sunanka har ranar Talata. Ka faɗa wa Muktari sauran nawa ne. Allah ya kawo ruwa. Raƙiya."

Kwana shida tana hana mutane buhunan nan. Wani dattijo daga Kalfu ya nuna su da sanda ya ce, "Ga dusa ina gani, ki ce babu?" Ta ba shi haƙuri, ya tafi yana faɗa. Ranar ko abincin rana ta kasa ci.

Ran Talata Muktari ya dawo, ya zauna bakin shago kafin ya yi magana.

"Wayar Souleyman rijiya ta faɗa. Yana cikin yi miki magana wata saniya ta zame a bakin rijiyar, ya saki waya ya riƙe ta. Sha biyar ya so cewa."

"To a ɗora huɗu."

"Ya ce a bari. Shanu uku sun mutu kafin in isa, sha ɗayan za su ishe shi. Ɗiyarsa Zahara ta karanta masa takardar, ya sa ta maimaita. Ya ce in gaya miki sauran sun tashi tsaye."

Raƙiya ta share ido da gefen mayafi. Ta shiga tambayar 'yan kasuwa ko akwai wanda ya san gidan dattijon nan na Kalfu. Kafin la'asar aka samu mai zuwa can, ta ce a gaya masa dusa ta samu.