Firizar Hajiya Marwa

Saura 'yan kwanaki a ga watan azumi firizar Hajiya Marwa ta ƙi aiki. Sai ta yi gurnani kaɗan, a ji ƙas, ta yi shiru, can an jima ta sake. Ƙanƙarar ciki ta narke tas.

Wannan firiza dai sunanta ta Hajiya ce, amma duk layinsu a Limawa, cikin Dutse, ba wanda bai da gādo a cikinta. Da azumi kowane gida ke kawo jarkar zoɓo ko ta kunun aya tun da hantsi, an ɗaura wa kowace ƙyallen atamfa a wuya don kada a rikice. La'asar na yi sai tsakar gidan ya cika da mata masu ɗauka, ga hira, ga musun wa ya danne jarkar wa. Hajiya kuwa ta yi ta faɗa, wai an mayar mata da gida tasha. Wanda bai san ta ba sai ya ɗauka da gaske take.

Ranar da abin ya faru matan suka yi ta zuwa suna kwashe kayansu. Kafin magariba gidan ya yi tsit, irin tsit ɗin da ya yi bayan rasuwar maigidan, da yaran suka watse. Hajiya ta zauna a tabarma, abin duniya ya ishe ta.

Washegari ɗanta Abdulkahar, wanda ke aiki a sakatariya, ya zo da fara'arsa, ya miƙa mata waya. Hoton firji ne dogo mai ƙofa biyu, sai sheƙi yake.

"Hajiya, wannan tsohuwar ta yi iya yinta. Ga sabo nan, ba ya shan wuta. Naki ne ke kaɗai, ki huta da jama'a."

Ta ƙura wa hoton ido. "Jarka nawa yake ci?"

"Jarka kuma? Ai na robobin ruwa ne da ɗan nama."

Ta mayar masa da wayarsa, ta ce a fara kiran Ɗanmusa mai gyara tukuna.

Ɗanmusa ya janyo firizar daga jikin bango, ya tsuguna a bayanta. Ya ce in kwamfuresa, wato injin sanyayawar, ce ta ƙone, shi kansa zai ba su shawarar su haƙura. Ya zare wani ɗan baƙin abu daga jikin kwamfuresar, ya girgiza shi kusa da kunne, sai ƙarar ɓaraguzai. Ya sa mita ya auna kwamfuresar, ya gyaɗa kai.

"Ita lafiyarta lau. Rile ne ya ƙone, shi ke tayar da ita. In wuta tana zuwa da rauni haka yake yi. A canza shi, a sa mata sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta. Amma gaskiya, Hajiya, robar murfin ta saki, ƙasan kuma ya fara tsatsa. Ba zan rantse miki za ta ga wani azumin ba."

"Kin ji ko?" in ji Abdulkahar. "Yau gyara, gobe gyara."

Hajiya ba ta saba faɗin irin wannan magana ba, balle ga ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta kira. Amma ta daure ta faɗa.

"Kai kana zuwa ran Juma'a, Allah ya yi albarka. Sauran kwanakin wa kake zato yake yi mini sallama? In ka kawo wancan siririn, wa zan ce wa ɗauki jarkarki, ba wuri?"

Abdulkahar ya mayar da wayarsa aljihu, ya ce wa Ɗanmusa, "Har robar a canza. In ta mutu baɗi, babba irinta za mu nema."

Da yamma aka kawo wuta. Aka jona, firizar ta yi ƙas sau ɗaya, ta kama gurnani ba tsayawa. Hajiya ta ɗora tafin hannu a bangon ciki ta jira, har ta ji sanyi ya fara cizo. Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

Ranar farko ta azumi Abdulkahar ya biyo da katan ɗin lemo, ya tarar ba masaka tsinke. Hajiya na tsaye kan maƙwabciyarta Safina, tana ta sababi wai ta kawo zoɓo da zafinsa za ta kashe mata firiza. Ya kutsa da ƙyar ya ɗaga murfin. Jarkoki ne maƙil har baki.

"Hajiya, ni ina zan sa nawa?"

"Ka makara," ta ce, tana dariya har da goge ido. "Gobe ka zo da hantsi kamar kowa."