Rana ta Tamanin da Bakwai

Guduma ake ce masa a garejin, ba don gudumar da yake miƙe jikin motoci da ita kaɗai ba. Hannunsa na riga bakinsa magana tun yana saurayi. Ya fasa hancin direban tirela, ya karya wa wani mai fenti haƙarƙari biyu, kuma bara, a falon 'yarsa, ya mari mijinta har kunnen bawan Allah ya daina ji na wata guda. Tun ranar 'yar ta rufe masa ƙofa. Ta haihu bai gani ba. Jikar tasa a hoto kawai ya san ta, 'yar mitsitsiya da kunnuwa irin nasa.

'Yar tasa aikin kwamfuta take yi a wani ofis. Da ya yi ta aike yana roƙo, sai ta zo garejin da kanta, ta karɓi wayarsa ta buɗe Telegram.

"Baba, na haɗa maka bot. Ba mutum ba ne, kuma ba ya iya fara yi maka magana sai ka danna nan da kanka." Ya danna da yatsa mai baƙin mai. "Kullum ƙarfe bakwai na safe kwamfutar ofis ɗinmu za ta sa ya turo maka magana ɗaya, da tambaya ɗaya a kan jiya. Amsar da ka ba shi ni ma zan gani. Ranar da ka cika kwana ɗari ba ka daki kowa ba, ka zo ka ɗauki jikarka."

"Maganar wa zai riƙa turo mini?"

"Wadda ka zuba masa. Kai za ka aika wa kanka."

Sai ya zauna a kan taya ya yi ta faɗo maganganun marigayiya matarsa, 'yar tana rubutawa, har guda arba'in. In sun ƙare bot ɗin ya koma ta farko. Abin na ba shi mamaki: matar da ta shekara shida a ƙasa, ga ta tana tashinsa da safe daga cikin wani akwati a ofis da bai taɓa shiga ba. Wani lokaci yakan yi tunanin ko tana jin sanyin na'urar sanyaya ɗakin.

A rana ta tamanin da bakwai wayar ta yi ƙara yana buɗe akwatin kayan aiki. Yana da al'ada, ba ya amsawa sai ya wanke hannu. Ya ajiye wayar a kan bonet ɗin wata farar mota ya nufi famfo.

Mai Walda, abokin aikinsa na shekara goma sha biyar, mutum ne da ba ya ganin abu ya ƙyale. Ya ɗauki wayar, ya maƙale murya kamar ta mace, ya karanta wa 'yan gareji: "Maigida, in ranka ya ɓaci, sa hannunka a aljihu ka ƙirga abin da ke ciki." Aka kwashe da dariya. "Kai Guduma, ashe har yanzu madam na ba da oda daga can. A can akwai caji ne?"

"Ajiye wayar nan."

"Tsaya mana, ga tambaya. Wai jiya ka daki wani? Ga maɓalli biyu, Ban daka ba, Na daka. Jiya ai na ga ka daki ƙofar motar likita har ta yi kuka."

"Na ce ka ajiye."

"Gaskiya ɗaya ce, tsoho," in ji Mai Walda, ya danna Na daka.

Wayar ta sake ƙara. Bot ba ya sanin yatsan wa ya taɓa shi. Mai Walda ya karanta, muryarsa na raguwa kafin ya kai ƙarshe: "An koma sifili. Gobe rana ta ɗaya."

Guduma ya sa hannu a aljihu, wannan kam ya yi. Akwai kusoshi uku da murfin biro. Ya ƙirga su, sannan ya zaro hannun a dunƙule.

Naushin farko a baki ya sauka, Mai Walda ya faɗa kan bonet ɗin har ƙarfen ya lotsa. Ya yunƙura ya rarumo sifana ya kai wa Guduma a goshi, fatar ta tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya. Bai ma ji ba. Ya kama wuyan rigar Mai Walda ya buga kansa da gilashin gaba, gilashin ya tsattsage kamar saƙar gizo. Ya sake bugawa. Mutum huɗu suka rufar masa, ya watsar da biyu, ɗayansu ya faɗa cikin kwanon baƙin mai. Mai Walda ya zube ƙasa yana kare fuska, Guduma ya durƙusa a kan ƙirjinsa yana duka, hagu da dama, a tsare kamar yadda yake miƙe ƙofar mota, har sai da hannun da ke kare fuskar ya saki. Mai garejin ne ya zo ta baya ya shaƙe shi da bel ɗin fanka ya ja shi.

Aka sa Mai Walda a bayan farar motar aka yi asibiti da shi, yana numfashi kamar tiyo mai huji. Haƙorinsa ɗaya ya rage a ƙasa, fari tas a tsakiyar baƙin mai. Guduma ya tsaya yana kallonsa, yana mamakin tsawon saiwar haƙorin mutum.

Wayar na ƙarƙashin benci tana ringi, fuskarta a tsage. 'Yarsa ce.

"Baba, me na gani? Wa ka daka jiya?"

"Ban daki kowa ba jiya," ya ce, jini na ɗiga daga haɓarsa kan gilashin. "Ba ni na danna ba. Mai Walda ne, wai wasa."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Wannan mutumin ba ya girma. Kada ka damu, lamba ce kawai a cikin fayil, yanzu zan mayar maka da ita tamanin da bakwai. Saura sha uku, Baba. Jikarka ta fara zama da kanta fa."

Bai yi mata ƙarya ko ɗaya ba. A kan jiya ta tambaye shi. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, sai ya ji kukan jaririya a bayanta, ta ce sai an jima.

Da la'asar ya je asibitin da ɗinki biyar a goshi. Matar Mai Walda ta tare shi a ƙofar ɗakin. An ɗaure wa mijinta muƙamuƙi da wayar ƙarfe, ta ce, sai bayan wata biyu zai iya tauna abinci. Ba ta zage shi ba. Ta dai ce ya matsa daga ƙofar yana tare musu iska.

Washegari mai garejin ya ce ya zauna a gida tukuna. Ƙarfe bakwai ya same shi a bakin gado, wayar a kan gwiwa. Maganar ranar ita ce wadda marigayiya takan faɗa in ya dawo da riga a yage: "Ni zan ɗinke rigar, amma kai za ka faɗa mini yadda ta yage." Ƙarƙashinta tambayar, da maɓallan nan biyu, tsagin gilashin ya ratsa ta tsakaninsu.

'Yarsa ba ta san kowa a garejin ba sai Mai Walda, shi kuwa bakinsa a ɗaure. Bot ɗin duk abin da aka ba shi karɓa yake yi. Kwana sha biyu kacal za su rage. Ya duba hoton jikar, ya duba kunnuwan.

Ya tashi ya wanke hannu a bokiti, a hankali saboda gaɓoɓin sun kumbura, ya goge a jikin wando. Ya dawo ya danna Na daka.

"An koma sifili. Gobe rana ta ɗaya."

Ba a yi minti biyu ba wayar ta fara ringi. Ya ɗauka.

"Baba, Mai Walda ne kuma?"

"A'a," ya ce. "Wannan karon ni ne. Zauna in faɗa miki."