Hoton Yaya a Farko

Ina da wani ɗan hali: ko me zan jera, sai na sa babba a gaba. Ko takalma ne a bakin ƙofa.

A shagon hoton da nake aiki, masu gyaran hoto biyu ne: yayana, wanda ya koya mini sana'ar, da wata da muke kira Mai Tabarau. Kasuwa ta ja baya, Maigida ya ce ɗaya zai tafi. Don kada a ce ya yi son kai, kowa zai gyara hotuna iri ɗaya, ni in nuna masa a kwamfuta bibbiyu, ba suna, shi ya zaɓa.

Na jera. A kowane biyu na sa na Yaya a farko, don ladabi.

"Na biyun," in ji Maigida. "Na biyun. Kai, wannan ma na biyun."

Kusan duka Mai Tabarau ta kwashe. Yaya ya fara naɗe wayar cajarsa.

A gida ina ta juya abin. Na farko, da an wuce shi sai dai tuni; na biyu kuwa yana gaban ido. Kuma mutum kan gama tsintar aibu a na farko, na biyun ya zo masa kamar gyara. Wato da ladabina na kori yayana.

Na samu Maigida. "Ranka ya daɗe, anya aiki ka zaɓa? Ina jin layi ka zaɓa."

"Ni? Tun kana yawo ba wando nake kallon hoto."

"To a sake. In ido ne, ko ta ina aka fara zai gane abinsa."

Na bari sai da ya manta da hotunan. Na hargitsa jerin, na juya kowane biyu, na Yaya ya koma baya. A tsakiya na saka hoto ɗaya sau biyu.

"Na biyun. Na biyun." Jefi-jefi kawai yake cewa na farko. Da muka zo kan tagwayen ya matso da fuska. "Ka ga wannan ya fi haske nesa ba kusa ba."

"Hoto ɗaya ne, ranka ya daɗe."

Mai Tabarau ta yi tari. Ni kuwa har kafaɗata ta tashi, na kalli Yaya kamar wanda ya ciro shi daga rijiya.

Maigida ya goge gumi. "To, malamin ido, yanzu yaya za a yi?"

"Mai sauƙi ne. Duk inda zaɓinka ya canja da aka juya, layi ne, a zubar. Inda ka nace wa aiki ɗaya, yana gaba ko yana baya, shi ne na gaskiya."

"Ƙane, bar shi haka," Yaya ya ce a hankali.

Ban bari ba. Na ware su da kaina, a gaban kowa.

Guda biyar suka rage. Duka na Mai Tabarau ne.